Ya Samu Sauƙi, Amma Kada A Ajiye Maganin

Mai fama da sikizofireniya, wato taɓin hankalin da ke sa mutum jin muryoyin da babu su da zargin ana bin sa da sharri, yakan dawo daidai bayan makonni yana shan magani. Barci ya daidaita, ya koma kasuwa, sai dangi su ce ai ya warke, a bar ƙwayoyin nan haka. A nan ake yin asara.

Maganin danne ciwon yake yi ta hanyar rage aikin wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, ba tumɓuke shi yake ba. Idan aka daina, ba a ganin komai nan take, shi ya sa iyali ke ruɗuwa. Sai bayan watanni barci ya fara ƙauracewa, mutum ya killace kansa a ɗaki, zargi ya dawo. Mafi yawan waɗanda suka daina, ciwon kan dawo musu cikin shekara 1 zuwa 2, kuma kowane komo yakan fi na baya wuyar shawo kai. Saboda haka bayan tashin farko likitoci kan ce a ci gaba aƙalla shekara 1 zuwa 2. Wanda ciwon ya sha tasar masa, nasa ya fi haka tsawo. Ragewa ma a hankali ake yi, bisa umarnin likita.

Sau da yawa ba taurin kai ke sa majinyaci ƙin magani ba, wahalarsa ce. Halofaridol kan sandarar da jiki: tafiya ta yi nauyi, hannu na rawa, miyau na zuba. Wani wuyansa kan murɗe, idanu su kafe sama, har a ce aljanu ne. Illar magani ce, kuma tana da mafita. Likita zai rage adadin, ko ya sauya wani, ko ya ƙara da benzekzol. Amma sandarewa tare da zazzaɓi mai zafi da ruɗewa, wannan a garzaya asibiti a take.

Olanzafin kuwa yunwa yake sawa. A auna nauyi duk wata, a riƙa gwada sukarin jini, a rage lemon kwalba da soye-soye, a yawaita tafiyar ƙafa. In ƙibar ta ci gaba, a faɗa wa likita, akwai magungunan da ba su kai shi sa ƙiba ba.

Ga mai mantuwa, ko gidan da kullum ake rigima kan haɗiyar ƙwaya, akwai allura mai daɗewa a jiki. Irin su fulufenazin ana yin su duk mako 2 zuwa 4, bayan an fara da ɗan kaɗan na gwaji. Tunda ba a iya janye ta bayan ta shiga, duk illar da aka gani a sanar kafin ta gaba. A rubuta ranar allura a kalanda, mutum ɗaya a gida ya ɗauki nauyin rakiya, in an tsallake rana a koma asibiti cikin makon.