Bayan An Kashe Majigi: Saƙon Da Zai Bi Mahalarta Taro Gida

Shafukan da ake haskawa a majigi lokacin taron bita ba a yi su don su tsaya da ƙafarsu ba. Mai jawabi ne ke ba su ma'ana da bakinsa. Shi ya sa idan aka watse aka tura wa mutane shafukan tsurarsu ta imel, da yawa sukan buɗe su tarar da kanun magana da hotuna kawai, su rufe. Aikin saƙon bayan taro shi ne ya maye gurbin bakin mai jawabin.

A ce an tara malaman gona a Kano, an yi musu bayani da shafuka 30 kan adana wake a buhun PICS, wato buhun nan mai ruɓi uku da ke hana ƙwari ɓarna ba tare da magani ba. A shafi na 12 an rubuta kalmomi uku kacal: busarwa, dubawa, ɗaurewa. Wanda ke zaune a zauren ya gane su sarai. Bayan mako biyu fa, yana tsaye gaban manoma a ƙauye, me zai tuna?

A nan ne mai rubuta saƙon zai zauna ya mayar da kowace kalma cikakkiyar jimla. Ya rubuta cewa a busar da wake sosai kafin a zuba, domin danshi na kawo ruɓewa. A duba ledoji biyun ciki, idan akwai huda ko da ƙarama ce a canza, saboda rashin iska ne ke kashe ƙwarin. Sannan a matse iskar, a ɗaure kowane ruɓi daban, kada a haɗa su a ɗauri guda. Ka ga kowace jimla ta zo da dalilinta. A ganina dalilin ya fi komai daraja, domin shi ne abin da mai jawabi ya faɗa da baki bai rubuta ba, kuma shi malamin gona zai dogara da shi ranar da manomi ya ce masa, "To, don me?" Yana da kyau a sa lambar shafi a ƙarshen jimlar, don mai son ganin hoton ya je kai tsaye.

Ba duk shafukan 30 za a bi ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma gane shi ba wuya: idan saƙon ya fara da tarihin ƙungiya da jerin manyan baƙi, to an kwafi tsarin majigi ne. A zaɓi batutuwa uku ko huɗu da ake son mutum ya yi aiki da su, sauran su zauna cikin fayil. Idan akwai abin da ake jira daga mahalarta, misali kowa ya turo sunayen ƙauyukan da zai yi gwaji, a sa shi tun a sama tare da ranar ƙarshe, don yawanci a waya ake karantawa, kuma ba kowa ke gangarawa ƙasa ba.

Tambayoyin da aka yi a zaure su ma suna da gurbi, musamman wadda mai jawabi ya ce zai bincika ya ba da amsa. Ba ta cikin kowane shafi, kuma alkawari ne aka ɗauka gaban jama'a.

A tura saƙon a ranar ko washegari. Kanunsa ya faɗi sunan taron da abin da ke ciki, kamar "Bitar buhun PICS: matakai uku da shafukan jawabi". A mayar da shafukan PDF kafin a liƙa, domin fayil ɗin PowerPoint yakan hargitse a waya, rubutu ya hau kan hoto. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25, sai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive. Ko bai kai haka ba, a tausaya wa mai sayen data da kuɗinsa, a rage nauyin hotuna.

Adireshin mutane kuwa amana ne. Wanda ya rubuta nasa a takardar halarta bai ba da izinin a nuna wa kowa ba, don haka a zuba su a gurbin Bcc, inda babu mai ganin na wani. Idan mahaɗi aka sa, a fara tura wa wani abokin aiki ya gwada buɗewa a wayarsa. Sau da yawa fayil yakan buɗe wa mai shi lafiya lau, amma ya nemi izini daga duk sauran mutane.