Wasiƙar Tela Zuwa Ga Masu Makarantu: Samfur Da Ranar Kawo Kaya

Telan da ke neman kwangilar ɗinkin yunifom yakan tura wa masu makarantun kuɗi saƙon imel tun kafin a tafi dogon hutu, domin a Najeriya sabuwar shekarar karatu a watan Satumba take farawa. Saƙon yakan buɗe da sallama da girmamawa, "Ranka ya daɗe" ko "Hajiya, barka da aiki", sannan tela ya faɗi inda shagonsa yake da yawan kekunansa. Kowace makaranta a tura mata nata daban da sunanta, don mai makaranta ba ya son ganin adireshinsa a jere da na abokan gasarsa.

Daga nan sai maganar samfur. Hoton da aka haɗa da saƙo yana nuna fasalin ɗinki, amma ba ya nuna nauyin yadi, kuma kala takan canza daga wannan waya zuwa waccan. Shi ya sa telan da ya san aikinsa yake rubuta ranar da zai kai samfur hannu da hannu: riga da wando, da hijabi idan ana buƙata, da bajon makaranta a jiki. Mai makaranta zai sa a wanke, a shanya a rana, a ga ko yadin yana zuba ko yana tsukewa. Idan an amince, sai a sa hannu a kan samfur biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Wannan shi ke raba gardama ranar karɓar kaya.

Ranar kawo kaya ita ce inda aka fi samun saɓani, kuma lissafi ne ke fitar da ita. A ɗauki makaranta mai ɗalibai 300, kowa zai samu saiti 2, wato saiti 600. Idan shago yana da kekuna 5, kowanne yana gama saiti 4 a rana, ɗinkin zai ci ranakun aiki 30, kusan mako 5 ke nan. Sai a ƙara mako guda na sayo yadi da yanka, da wani makon na liƙa bajo, guga da gyaran awo. Mako 7 ke nan, ko da wutar lantarki ba ta kawo cikas ba. Idan za a koma makaranta a tsakiyar Satumba, dole kafin alƙalami ya shigo kafin ƙarshen Yuli. Saboda haka ya fi kyau a rubuta "mako 7 daga ranar biyan kafin alƙalami" maimakon a yanke rana kai tsaye.

Kuɗin farkon yana da wani amfani. Idan kowane saiti zai ci yadi biyu da rabi, ana buƙatar yadi 1,500, kuma gara a saye shi lokaci guda a kasuwa irin Kantin Kwari ta Kano. Bandir ɗin da aka ƙaro daga baya sau da yawa kalarsa ba ta zuwa daidai da ta farko, kuma bambancin yakan fito fili idan yara suka yi layi da safe. Tun da farashin yadi ba ya zama wuri ɗaya, saƙon yakan faɗi ranar da farashin da aka bayar zai daina aiki.