Ina Kamfanonin da Suka Mutu?

A ce wani ya zo maka da dabara: duk hannun jarin da farashinsa ya faɗi da rabi, ka saya ka jira. Ya gwada ta a kan kamfanonin da ke kasuwar hannun jarin Amurka a yau, ya koma baya shekara 25, ya ga riba tsagwaronta.

Tambaye shi, ina Enron da ya durƙushe a 2001? Ina bankin Lehman Brothers da ya bi sahu a 2008? Ba sa cikin jerinsa, domin an daɗe da cire su daga kasuwa. Alhali kuwa dabarar tasa da ta saye su suna tsakiyar faɗuwa, kuɗin ya tafi ke nan.

A ƙaddara an zuba dala 100 a kowanne cikin kamfanoni goma. Bakwai sun farfaɗo sun koma 130, uku sun mutu. Mai ƙirga rayayyu kaɗai zai ga ribar kashi 30 cikin ɗari. Gaskiyar lissafi kuwa, dala 1,000 ta koma 910. Hasara ce!

Abin da ke damuna, mai gwajin ba lallai maƙaryaci ba ne, jerin ne ya yaudare shi. Sai ya nemo jerin kamfanonin kowace shekara yadda yake a lokacin, har da waɗanda aka cire da farashinsu na ƙarshe, ya sake gwajin daga farko.