Imel ɗin da ake aikawa bayan an nuna wa mai saye kaya

Mu ɗauki wata matashiya mai tallar manhajar lissafin kaya. Ranar Litinin ta je wani babban shagon magani mai rassa uku, ta buɗe kwamfutarta, ta shafe minti 40 tana nuna wa manaja da akanta yadda manhajar ke aiki. Suka yaba, aka yi sallama. Amma Alhajin da ke da shagon, wanda shi ne zai ce a biya, bai halarta ba. Abin da zai kai gare shi daga wannan zama shi ne saƙon imel da za ta rubuto, idan manaja ya tura masa. Don haka sai ta rubuta shi yadda wanda bai zauna ba ma zai gane.

A ranar za ta aika, ko washegari da safe, tun ba a manta da wa ya ce me ba. A gurbin Subject ta sa abin da za a iya nemowa nan da wata guda: "Zaman Litinin kan manhajar kaya: abin da muka tsayar". Akanta kuma ta sa shi a Cc, tunda da shi aka yi maganar.

Bayan gaisuwa da godiya a layi ɗaya, sai buƙatunsu. Nan ne masu talla da yawa ke yin tuntuɓe, su koma jero abubuwan da kayansu ke iya yi, alhali an riga an gani. Abin da ake so shi ne damuwar mai saye da kalmominsa. Manaja ya yi kukan cewa magani na lalacewa a kan kanta ba a ankara ba, ƙidayar ƙarshen wata na cinye musu kwana biyu, sannan intanet na yawan ɗaukewa a reshe ɗaya. Waɗannan ukun za ta rubuta, ta ƙara da cewa: "Ranka ya daɗe, idan akwai wanda na fahimta ba daidai ba, a gyara mini." In ta yi kuskure, gara ya fito yanzu da a ce sai an kafa manhajar.

Sai abin da aka amince da shi, kuma a ganina nan ne amana take. Sun yarda a yi gwaji na kwana 14 a reshe ɗaya, a kan kwamfuta biyu, kyauta, ita kuma za ta koya wa ma'aikata uku. To, a tsakiyar zaman akanta ya nemi ragi, ta ce za ta tuntuɓi ofishinsu. Wannan ba yarjejeniya ba ce tukuna. Haka nan da manaja ya ce "in ta yi kyau ai duka rassan za mu sa", fata ya yi, bai ɗauki alkawari ba. Idan ta rubuta cewa an amince da rassa uku, Alhaji ya karanta, zai kira manaja ya tambaye shi wa ya ba shi izini, shi kuwa manaja daga ranar ya daina sakin jiki da ita. Maganar ragi sai ta ware ta a layinta daban: ba a tsayar ba, amsa na kanta, za ta kawo kafin gwajin ya ƙare.

Na ƙarshe shi ne mataki na gaba, guda ɗaya tak. Tana iya jin kamar ta roƙi a cike fom, a sa ranar ganin Alhaji, a duba takardar farashi, duk a lokaci guda. Mutumin da layin masu saye ke gabansa, in aka ɗora masa uku, sai ya ajiye su duka zuwa anjima. Sai ta zaɓi wanda in ba a yi shi ba gwajin ba zai fara ba:

"Abu ɗaya nake roƙo: a turo mini jerin magungunan wannan reshe a fayil ɗin Excel, da adadi da ranar lalacewar kowanne, kafin ƙarfe 12 na ranar Alhamis. Da zarar ya iso zan loda shi, mu fara gwaji ranar Litinin mai zuwa in sha Allahu."

An san wanda zai yi, an san abin da zai yi, an san yaushe. "Ina sauraronku" ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikinsu.

Amsar da ta dawo ita ke nuna ko saƙon ya yi aiki. Idan manaja ya turo fayil, ko ya ce Alhamis ta yi kusa a bar shi Asabar, ko ma ya gyara mata wani batu, magana na tafiya. Idan kuwa "mun gode, za mu duba" kawai ya rubuto, sau da yawa ko dai roƙon bai fito fili ba, ko an ɗora shi a kan wanda ba shi da ikon yi. In Alhamis ta wuce shiru, kada ta buɗe sabon saƙo. Ta amsa a ƙarƙashin na farko, domin duk bayanin ya kasance wuri guda, ta tambayi abu ɗaya: ko akwai wani a shagon da ya fi dacewa ta karɓi jerin daga hannunsa?