Miƙa tsoka: naman ne ke ƙara tsawo, ko jiki ne ke sabawa?

Jama'a masu karatu, ku ɗauki misalin wani manomi. Ya tsaya ƙafafu a miƙe, ya duƙa don ya taɓa ƙasa, sai yatsunsa suka tsaya saura santimita 15, bayan cinyarsa na ja. Ya yi wata guda yana miƙa wurin kullum, yanzu saura santimita 5. Shi cewa zai yi tsokarsa ta ƙara tsawo. To, bari mu duba ko haka ne.

Duk wanda ya yagi dafaffen nama ya ga yadda tsoka take: zare-zare ne a jere, an naɗe su cikin wata farar yana, ƙarshensu kuma ya haɗu da farar jijiya mai kama ƙashi. Cikin kowane zare akwai dubban ƙananan gaɓoɓi da ido ba ya gani, jere kamar gaɓoɓin kara. Kowace gaɓa tana da siraran zaruruwa iri biyu da suka shiga juna, kamar yatsun hannun dama cikin na hagu. Idan an miƙa tsoka, sai su zame su ɗan rabu. Akwai kuma zare na uku mai kama da roba, shi ke jawo su su koma mazauninsu da zarar an saki.

Idan mutum ya riƙe miƙar bai motsa ba, tsokar na saki a hankali, kamar ɗanyar fata da aka rataya wa nauyi. Cikin minti ɗaya da rabi, ƙarfin da take turjewa da shi na raguwa da wajen kashi ɗaya cikin uku. Amma wannan laushi aro ne. Kafin awa guda ya wuce, ta koma yadda take.

To, santimita 10 ɗin manomi daga ina suka fito? A shekarar 1996, a ƙasar Danmak, wani masani mai suna Magnusson da abokan aikinsa sun sa mata 7 suna miƙa bayan cinya ɗaya, sau biyu a rana, kowane zama miƙa 5 ta sakan 45, har mako uku. Da aka auna da na'ura, ƙafar ta ƙara nisan da take kaiwa. Sai dai a daidai wurin da take tsayawa a da, taurin tsokar bai ragu ba. Abin da ya sake shi ne matan sun iya jure ja mafi ƙarfi kafin su ce "ya isa".

Ga dalili. Cikin tsoka da yanarta akwai jijiyoyin ji masu kai wa ƙwaƙwalwa labarin ja. Ƙwaƙwalwa kuwa mai tsaro ce, tana sa zafi tun tsokar ba ta kai iyakarta ba. In ta ga an zo wurin nan sau da yawa ba abin da ya yage, sai ta ɗaga iyakar gaba. Wata shaida ma ita ce, wanda ke miƙa ƙafar dama kaɗai, sau da yawa ta hagu ma na ɗan ƙara nisa, alhali ba a taɓa namanta ba.

Kada a ce nama ba ya sakewa sam. A gwajin da aka yi da dabbobi, tsokar da aka ɗaure a lanƙwashe makonni ta rasa gaɓoɓinta ta gajarta, wadda aka ɗaure a miƙe kuma ta ƙara. Shi ya sa wanda aka kwance wa ɗorin karaya ke samun gaɓa a ƙage. Amma irin wannan sauyi na son ja mai daɗewa, ko aikin ƙarfi da tsoka a miƙe. Sakan 30 na safe yawanci haƙuri yake koya wa jiki, kuma in an bari, nisan kan ragu sannu a hankali.

Mai son gwadawa ya fara da tafiya ta minti 5 don jini ya motsa, balle da sanyin hunturu. Sannan ya ɗora diddige kan kututture ko ƙaramar kujera, gwiwa a miƙe, ya karkato daga ƙugu ba tare da ya ƙudundune baya ba. Ya riƙe sakan 30 yana numfashi, ya maimaita sau 3, kwana uku ko fiye a mako. Ban da fizga, domin fizga na sa tsoka ta ƙanƙame da kanta.

A nan nake so ku lura sosai: tun da jurewa ce ke ƙaruwa, mai taurin kai na iya jure abin da bai kamata ba. Jan kirki ana jinsa a tsakiyar naman, yana lafawa in an riƙe. Idan kuwa suka ce kamar ta allura, ko zafi a gindin ɗuwawu inda jijiya ta kama ƙashi, a dakata. Idan sanɗarewa ce ko jin kamar tururuwa na bi har tafin ƙafa, jijiyar ji ake ja, ba tsoka ba. Wanda ya ji wani abu ya tsinke, wurin ya kumbura ko jini ya kwanta, kada ya ƙara miƙawa, kada kuma a murza masa, ya tafi likita a duba.