Hanyoyi Biyu Na Gina Sashen Da Ke Ba Da Umarni A Cikin Furosesa

A watan Afrilun 1964 kamfanin IBM na Amurka ya fito da jerin kwamfutoci mai suna System/360, ya kuma yi alƙawarin cewa manhajar da aka rubuta wa ƙarama za ta yi aiki a kan babba. Abin da ya sa alƙawarin ya yi nauyi shi ne, kayan cikinsu ba iri ɗaya ba ne. Samfurin 30, mai araha, lambobi takwas-takwas na sifili da ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, alhali umarnin tarawa na buƙatar talatin da biyu. Sirrin yana cikin sashen sarrafawa.

Wannan sashe ba ya lissafi da kansa. Aikinsa shi ne ya karanta umarni, sannan a kowane bugun agogon na'ura ya aika siginar da ke cewa wace ƙofa za a buɗe. Idan umarnin tarawa ne, sai a ɗauko shi daga ma'adana, a gane nau'insa, a fito da lambobi biyu daga rajista, a miƙa wa sashen lissafi, a ajiye amsa. Mataki ɗaya ya riga ɗan'uwansa, amsa ta lalace.

Hanyar farko ita ce a gina wannan jeri da wayoyi da taransistoci kai tsaye. Umarni na shiga, siginar na fita, babu inda za a tsaya a duba, shi ya sa take da sauri. Amma idan umarni suka kai ɗaruruwa, haɗin wayoyin kan zama kamar saƙar gizo-gizo, gwada shi ya ci watanni, kuma kuskuren da aka gano bayan an ƙera sai an sake ƙira.

Hanya ta biyu Maurice Wilkes na Jami'ar Kambirij ne ya kawo ta a 1951. Shawararsa ita ce a rubuta matakan a cikin wata ƙaramar ma'adana mai sauri. Kowane layi yana faɗin ƙofofin da za a buɗe a wannan bugun, da kuma layin da za a karanta a gaba. Wannan ƙaramin shiri shi ake kira maikurokod, kuma kwamfutar EDSAC 2 da ta fara aiki a 1958 da shi aka gina ta.

Da haka samfurin 30 ya cika alƙawari. Idan umarnin tarawa ya zo, maikurokod ya raba aikin gida huɗu: ya tara takwas na farko, ya riƙe abin da ya haura, ya wuce zuwa na gaba, har a gama. Mai manhaja bai san an yi zagaye huɗu ba, jinkiri kawai yake gani. A kan wasu katuna masu siffar katin huji aka ajiye shirin, don haka gyara na iya zama canjin kati. Har ma an rubuta wani maikurokod da ya sa na'urar ta riƙa kwaikwayon tsohuwar IBM 1401, kamfanoni suka ci gaba da amfani da manhajojin da suka riga suka biya. Samfurin 75 kuwa, da aka yi wa masu neman sauri, da wayoyi kai tsaye aka gina shi.

Maikurokod ya yi riba a lokacin ne domin ma'adanarsa ta fi babbar ma'adanar kwamfuta sauri nesa ba kusa ba. Da wannan tazara ta ragu, sai lissafi ya canja. A farkon shekarun 1980 David Patterson a Bakli da John Hennessy a Sitanfod suka nuna cewa idan aka rage umarni suka zama kaɗan kuma masu sauƙi, wayoyi kai tsaye sun wadatar, aikin ƙira ya yi sauƙi, sauri ya ƙaru. Tsarin da ake kira RISC ke nan.

Yau an haɗa biyun. Furosesan Intel da AMD na fassara umarni masu sauƙi da wayoyi, masu sarƙaƙiya kuma su bi ta maikurokod. Tun daga Pentium Pro na 1995 Intel ke iya aiko da gyaran maikurokod, wanda ake lodawa duk lokacin da aka kunna kwamfuta, domin yana gogewa idan wuta ta ɗauke. Ta wannan hanya aka toshe wani ɓangare na raunin tsaro na Spectre a 2018, ko da yake wasu ayyuka sun ɗan rage sauri, kuma abin da aka ƙera a wayoyi sai dai a kewaye shi. Mai kwamfutar Intel ko AMD da ke amfani da Linux zai iya ganin lambar maikurokod ɗin da aka loda masa da wannan umarni:

```
grep microcode /proc/cpuinfo
```