Me Ya Sa Sukari Ke Hawa Da Safe Alhali Ba A Ci Komai Ba?

A fitowar wannan mako mun ɗauko wata tambaya da ke ɗaure wa masu ciwon sukari kai, har da wasu daga cikinmu da iyayenmu a gida. Mutum ya ci tuwonsa da magariba, ya kwanta sukarinsa daidai, bai sake sa komai a baki ba, amma da safe kafin ya karya kumallo sai na'urar gwaji ta nuna 190. Daga ina wannan sukari ya fito? Amsar ba ɗaya ba ce, kuma kuskure a cikinta yana iya jefa mutum cikin haɗari, domin akwai dalilai biyu da suke kama da juna da safe, amma maganin ɗaya kishiyar maganin ɗayan ne.

Mu fara da lambobin

Awon da muke magana a kai shi ne wanda ake yi bayan mutum ya shafe aƙalla awa 8 bai ci abinci ba, wato da safe kafin karin kumallo. Ga mai lafiya yakan tsaya tsakanin 70 da 99 mg/dL. Ga yawancin manya masu ciwon sukari, likitoci kan so ya kasance tsakanin 80 da 130. Duk lokacin da ya sauka ƙasa da 70, sukari ya faɗi ke nan, kuma sai an ɗauki mataki nan take. Idan na'urar gidanku tana nuna mmol/L ne, sai a raba waɗannan lambobi da 18, wato 70 ya zama 3.9.

Hanta ba ta barci

Ba abinci kaɗai ke zuba sukari a jini ba. Hanta rumbu ce. Da rana tana ajiye rarar sukari, da dare kuma tana sakin sa kaɗan-kaɗan don ƙwaƙwalwa ta samu abin aiki yayin da muke barci. Mai riƙe da makullin wannan rumbu shi ne insulin. Idan yana nan isasshe, hanta takan rage saki. Idan ya yi ƙaranci, sai ta buɗe ƙofa. Saboda haka sukarin da ake gani da safe yawanci daga rumbun cikin jiki ya fito. Abin tambaya shi ne, me ya sa aka buɗe ƙofar?

Dalili na farko: tashin asuba

Daga wajen ƙarfe 3 ko 4 na dare zuwa 8 na safe, jiki yana shirin farkawa. Sinadarin girma, wanda ake saki da yawa cikin barci mai nauyi, da kotisol, wanda ke hauhawa gab da wayewar gari, suna rage wa insulin ƙarfi, suna kuma sa hanta ta ƙara sakin sukari. Wannan yana faruwa ga kowa. Bambancin shi ne jikin mai lafiya yana ƙara fitar da insulin a daidai lokacin, sai awo ya tsaya cak. Jikin mai ciwon sukari ba ya iya yin wannan ƙari, don haka sukarin ya yi ta hawa har gari ya waye. Matasa irinmu sun fi fuskantar haka, domin a shekarun balaga ne sinadarin girma ya fi yawa a jiki. Alamar tashin asuba ita ce sukari ya kwana lafiya har tsakar dare, sannan ya fara hawa ba tare da ya taɓa faɗuwa ba.

Dalili na biyu: ramuwa bayan faɗuwar dare

Wannan kuma ana danganta shi da Michael Somogyi, masanin sinadaran jiki haifaffen Hungary da ya yi aiki a birnin St. Louis na Amurka, wanda ya bayyana shi tun a shekarun 1930. A bayaninsa, idan insulin ɗin dare ya yi yawa, sukari yakan faɗi wajen ƙarfe 2 ko 3 mutum yana barci. Sai jiki ya firgita, ya saki gulukagon da adiranalin, hanta ta juye ajiyarta, da safe a ga awo ya yi sama. Hawan na safe ramuwa ce kawai, ainihin matsalar faɗuwar ce da ba wanda ya gani.

Amma akwai gyara a nan. Da aka samu na'urorin da ake manna wa a fata suna auna sukari dare da rana, sai aka ga cewa irin wannan ramuwa ba ta da yawa kamar yadda aka ɗauka a da. Sau da yawa wanda sukarinsa ya faɗi da dare yakan wayi gari da awo mai ƙasa ne. Idan kuwa aka ga hawa bayan faɗuwa, galibi mutum ne ya farka jiki na rawa, ya ci abin da ya wuce bukata. Duk da haka faɗuwar dare gaskiya ce, tana iya kai mutum ga suma ko farfaɗiya, kuma dole a tabbatar babu ita kafin a taɓa allurar dare.

Masu shan metfomin kaɗai ba kasafai sukarinsu ke faɗuwa ba. Waɗanda ya kamata su fi lura su ne masu allurar insulin da masu shan ƙwayoyi irin gilibenkilamaid.

Yadda ake rarrabewa

Awon safe shi kaɗai ba zai faɗa mana komai ba, tamkar wanda ya iso kallon ƙwallo bayan an tashi ne. Ana bukatar awo uku a dare ɗaya: lokacin kwanciya, da tsakanin ƙarfe 2 zuwa 3 na dare, da kuma farkawa. A maimaita dare uku ko fiye, a rubuta abin da aka ci, da lokacin allura, da ko an motsa jiki a ranar. Awon tsakiya shi ne alƙali. Idan ya yi kusa da na kwanciya sannan na safe ya hau, tashin asuba ne. Idan ya sauka ƙasa da 70, faɗuwar dare ce. Idan kuwa tun lokacin kwanciya sukarin yana sama kuma bai sauko ba, to ba ɗaya daga cikin biyun ba ne: abincin dare ne ya yi nauyi ko ya yi latti, ko maganin bai isa ba.

Misali daga ɗakin kwana

A ɗauka ga ɗalibi ɗan shekara 16 a makarantar kwana, yana yin allurar insulin mai farin ruwa, wadda ake kira NPH, da ƙarfe 6:30 na yamma kafin abincin dare. Mako guda ke nan yana tashi da awo tsakanin 180 da 200. Ya yanke shawarar ƙara allurar yamma da kansa, amma malamar jinya ta ce ya dakata, ya fara kawo mata awon dare uku.

Litinin, bai yi wasa ba: ƙarfe 10 na dare 135, ƙarfe 3 na dare 128, ƙarfe 6 na safe 186.

Talata, bai yi wasa ba: 142, sai 131, sai 191.

Laraba, ya buga ƙwallo bayan la'asar: 118, sai 58, sai 205.

A daren Litinin da Talata sukarin ya kwana a wuri ɗaya har ƙarfe 3, sannan ya ƙaru da kusan 60 cikin awa uku. Wannan tashin asuba ne, kuma lokacin allurarsa ya taimaka masa. Ƙarfin NPH yakan kai ƙololuwa bayan awa 4 zuwa 10, don haka allurar 6:30 ta fi aiki a tsakar dare, ta fara sanyi daidai lokacin da hanta ke buɗe rumbu.

Daren Laraba labarin daban ne. Bayan wasa mai ƙarfi, tsoka takan ci gaba da zuƙe sukari daga jini na awoyi da yawa don mayar da abin da ta ƙona. Wannan ya haɗu da ƙololuwar allura, sukari ya faɗi zuwa 58. Da ya ga lambar sai tsoro ya kama shi, ya sha kwalbar lemo guda, ya bi da rabin burodi. Ga inda 205 ta samo asali, tare da hawan asubar da ya saba.

Yanzu mu duba abin da zai faru da ya ƙara allurar 6:30 kamar yadda ya yi niyya. Ƙarin zai sauka ne a tsakar dare, ba da asuba ba. A daren wasa 58 na iya zama 40, yana barci, abokan ɗaki ba su sani ba. Irin wannan takarda idan ta je gaban likita, abin da yakan duba shi ne matsar da allurar NPH zuwa lokacin kwanciya don ƙarfinta ya riski asuba, ko sauya ta da insulin mai dogon aiki, tare da tsara abin da za a ci ko a rage a ranakun wasa. Wannan hukunci na likita ne. Aikin ɗalibi shi ne kawo lambobi na gaskiya.

Idan awon dare ya nuna ƙasa da 70

A sha giram 15 na sukari, wato kimanin cokalin cin abinci guda a narka a ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba mai zaƙi. A jira minti 15 a sake aunawa. Idan har yanzu bai kai 70 ba, a maimaita. In ya daidaita, a ci ɗan abu kaɗan mai riƙe ciki, ba rabin burodi ba. Washegari a sanar da likita ko malamar jinya.

Mu abokan ɗaki ma akwai abin da za mu lura da shi. Idan mai ciwon sukari ya jiƙe sharkaf da gumi alhali ba a zafi, ko yana surutai da firgita cikin barci, ko ya tashi da ciwon kai da kasala, to a tuna masa ya auna da ƙarfe 3. Idan aka tashe shi bai farka sosai ba, kada a ɗura masa komai a baki domin zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a ruga a kira malamin ɗakin kwana da malamar jinya.

Kuskuren na'ura ma yana faruwa. Hannun da ya taɓa rake ko mangwaro yana iya nuna awo mai yawa na ƙarya, haka ma tsinken gwajin da wa'adinsa ya ƙare ko ya sha zafin rana. A wanke hannu, a bar shi ya bushe, sannan a soka.

Duk wanda ke da kaka ko mahaifi mai korafin hawan sukari da safe, ya kwafi awon nan guda uku a takarda ya kai gida ranar hutu, a cike ta kafin ranar ganin likita. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga Sashen Lafiya, Kulob ɗin 'Yan Jarida